Ma'aunin Karkatar Maki: Zaɓi Tsakanin STDEV.P da STDEV.S a Sakamakon Aji

Ma'aunin karkata lamba ce guda da ke nuna yadda makin ɗalibai ya yi nisa da matsakaicin ajinsu. Idan makin ya cunkushe kusa da matsakaici, lambar takan zo ƙarama, idan kuma ya warwatsu, wasu can sama wasu can ƙasa, sai ta yi girma. A takardun sakamako da litattafan lissafi ana taƙaita ta da haruffan SD, ko da alamar σ, ko kuma s. Manhajojin jadawalin lissafi irin su Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc suna da fomula biyu na fitar da ita, `STDEV.P` da `STDEV.S`, kuma ba sa ba da amsa ɗaya ko da makin da aka ba su ɗaya ne. Ta farko ana amfani da ita idan makin da ke hannu shi ne ɗaukacin abin da ake magana a kansa. Ta biyu ta samfur ce, wato idan makin wani yanki ne da aka ɗebo domin a yi ƙiyasin wani taro mafi girma wanda ba a auna shi duka ba.

Zaɓin ba ya rataya a kan yawan ɗalibai, ko wahalar darasi, ko irin manhajar da ke kan kwamfuta. Yana rataya ne a kan su wa za a ambata a jimlar da za a rubuta bayan an samu lambar. Wannan maƙala ta ɗauki misalinta daga makarantun sakandare irin na Rijiyar Zaki, mazaɓa a ƙaramar hukumar Ungogo ta jihar Kano, a kan hanyar Gwarzo, inda gidajen birni ke haɗuwa da gonakin karkara. Wurin ya dace da batun, domin yana maƙwabtaka da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, saboda haka aji ɗaya yana iya faɗawa hannun mutum biyu masu buƙata dabam: malamin da ke haɗa sakamakon zangon karatu, da ɗalibin sashen ilimi da ya zo tattara maki domin binciken kammala karatunsa.

Yadda ake fitar da lambar

A ɗauka malamin lissafi ya yi wa ƙaramin aji na ɗalibai 10 gwaji mai maki 20, ya samu wannan sakamako: 8, 10, 11, 12, 12, 13, 14, 15, 17, 18. An ƙaranta ajin ne domin a iya bin lissafin da biro, amma matakan ba sa canzawa ko ɗalibai 80 ne.

Jimlar makin 130 ce, saboda haka matsakaici 13 ne. Daga nan sai a cire 13 daga makin kowa, a ga nisan da ya karkata. Mai maki 8 ya gaza da 5, mai 10 ya gaza da 3, mai 11 da 2, masu 12 su biyu kowa da 1, mai 13 yana kan matsakaici daidai, sauran kuma sun haura da 1, 2, 4 da 5. Da za a tara waɗannan karkata yadda suke, na ƙasa za su cinye na sama a tashi da sifiri, kuma haka yake faruwa a kowane aji. Shi ya sa ake ninka kowace karkata da kanta, wato a ɗauki murabba'inta: 25, 9, 4, 1, 1, 0, 1, 4, 16, 25. Jimlarsu 86.

Har zuwa nan fomulolin biyu hanya ɗaya suka biyo, kuma a mataki na gaba kaɗai suke rabuwa. `STDEV.P` tana raba 86 da yawan ɗalibai, wato 10, ta samu 8.6, sannan ta ɗauki tushen murabba'in wannan, wanda ya kama 2.93. `STDEV.S` kuwa tana raba 86 da yawan ɗalibai ba ɗaya, wato 9, ta samu 9.56, tushensa kuma 3.09. Lambar da ake samu kafin a ɗauki tushe ita ake kira bariyans, kuma ita ma tana da fomula biyu, `VAR.P` da `VAR.S`. Idan makin yana cikin gurbin C2 zuwa C11, ga abin da ake rubutawa:

```
=AVERAGE(C2:C11)    13
=DEVSQ(C2:C11)      86
=STDEV.P(C2:C11)    2.93
=STDEV.S(C2:C11)    3.09
```

Tun da abin rabawa na biyu ya fi ƙanƙanta, amsar `STDEV.S` kullum tana ɗara ta `STDEV.P`, sai dai idan kowa maki ɗaya ya ci, inda duka biyun za su ba da sifiri. Duk takardar da aka ga akasin haka, to an musanya sunayen ne ko an zaɓi gurabe dabam.

Dalilin rage ɗaya

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau yakan soka buhu ya ɗebo tafin hannu guda, ya duba, ya yanke hukunci a kan buhun duka. Abin da ya ɗebo samfur ne, kuma ba tafin hannun ne ya dame shi ba, buhun ne. Haka mai binciken da ya ɗebo ɗalibai 10 daga cikin dukkan 'yan aji biyu na babbar sakandare a Ungogo: warwatsuwar da yake nema ta ɗaukacinsu ce, goman nan hanya ce kawai.

Matsalarsa ita ce bai san matsakaicin ɗaukacin ba, sai na samfurinsa, kuma da shi yake auna karkata. Matsakaicin samfur kuwa daga cikin lambobin nan aka fitar da shi, saboda haka ya fi kowace lamba kusanci da su. A misalin da ya gabata, jimlar murabba'in karkata daga 13 ita ce 86. A ɗauka matsakaicin ɗaukacin ɗaliban ƙaramar hukumar 14 ne. Da daga 14 aka auna, da jimlar ta zama 96. Da kuma 12 ne, nan ma 96 za a samu. Duk inda matsakaicin gaskiya ya faɗa, in dai ba a kan 13 cif ba, jimlar ta wuce 86. Ke nan mai auna karkata daga matsakaicin samfur yana ƙoƙarin gano warwatsuwar ɗaukaci da jimlar da ta riga ta gaza, kuma rabawa da n − 1 maimakon n shi ne yake cike wannan giɓi.

Ana iya ganin cewa ɗaya ne daidai abin da ya kamata a rage ta hanyar ƙaramin gwaji. A ɗauka ɗaukacin taron mutum uku ne masu maki 10, 13 da 16. Matsakaicinsu 13, murabba'in karkatarsu 9, 0 da 9, bariyans na gaskiya kuma 18 a raba uku, wato 6. Yanzu a rubuta makin a ƙuri'u uku, a zaro ɗaya a mayar, a sake zarowa. Hanyoyi 9 ne samfurin mutum biyu zai iya fitowa. A uku daga ciki ƙuri'a ɗaya ce ta fito sau biyu, jimlar murabba'in karkata sifiri. A huɗu an samu maƙwabta, 10 da 13 ko 13 da 16, jimlar 4.5. A biyu an samu 10 da 16, jimlar 18. In aka tara duka za a samu 54, a raba tara, matsakaicin jimlar ya zama 6. Wanda ya raba da n, wato 2, zai riƙa samun 3 a matsakaici, rabin gaskiya ke nan. Wanda ya raba da n − 1, wato 1, zai samu 6 daidai.

Masana ƙididdiga suna kiran n − 1 adadin karkata masu 'yanci. Tun da dole jimlar karkata ta zama sifiri, wanda ya san karkatar ɗalibai tara ya riga ya san ta na goma, don haka bayanai tara ne masu zaman kansu a kan warwatsuwa. Wannan ne ya sa `STDEV.S` ke nuna `#DIV/0!` idan maki ɗaya tak aka ba ta, alhali `STDEV.P` tana ba da sifiri. Kowace ta yi daidai a muhallinta. Ajin mutum ɗaya ba shi da warwatsuwa, kuma mutum ɗaya ba ya faɗin komai a kan warwatsuwar taron da ya fito daga ciki.

Wannan gyara na rabawa da n − 1 yana ɗauke da sunan Friedrich Bessel, masanin taurari Bajamushe da ya rayu daga 1784 zuwa 1846, ko da yake Carl Friedrich Gauss ya yi amfani da shi tun 1823 wajen ƙiyasin kuskuren awo. Karl Pearson ne ya raɗa wa ma'aunin karkata sunan da ake kiransa da shi a yau, a 1893, Ronald Fisher kuma ya shigo da bariyans a 1918. Masu auna taurari ba su taɓa riƙe ɗaukacin awon da zai yiwu a hannunsu ba, kullum samfur suke da shi, kuma daga nan ne al'adar fifita n − 1 ta samo tushe. Malamin aji kuwa sau da yawa yana riƙe da ɗaukacin abin da yake magana a kansa.

Wace fomula ce ta dace da aji

Malamin da ke cike babbar takardar maki a ƙarshen zango, ko yake rubuta wa shugaban makaranta rahoton yadda ajinsa ya yi a lissafi, ba ƙiyasi yake yi ba. Duk wanda ya zauna jarrabawar makinsa yana gabansa, matsakaicin da ya fitar shi ne matsakaicin ajin na haƙiƙa, babu wani ɓoyayye da ake nema. Babu giɓin da za a cike, don haka `STDEV.P` ce tasa. Jimlar da zai rubuta ita ce: ɗalibai 10 suka zauna, matsakaici 13, ma'aunin karkata 2.93. Haka ma jami'in jarrabawa da ya haɗa makin dukkan rukunan aji ɗaya na makarantar domin kwatanta darussa.

Ɗalibin Jami'ar Bayero ko na kwalejin ilimi da ya zo makarantar da takardar neman izini, ya gwada wata hanyar koyarwa a aji ɗaya, ya bar wani ajin a kan tsohuwar hanya, shi kuma abin da zai rubuta a babi na huɗu ya shafi ɗaliban sakandare na ƙaramar hukuma ko na shiyya baki ɗaya. Waɗannan goman dai, da makin nan dai, a hannunsa samfur ne, kuma 3.09 ce lambarsa. Duk lissafin da zai biyo baya a kanta aka gina shi. Kuskuren matsakaici, alal misali, ana samunsa ne ta raba 3.09 da tushen murabba'in 10, ya ba da kusan 0.98, gwajin t da William Gosset ya wallafa a 1908 shi ma da n − 1 yake aiki. Wanda ya cusa `STDEV.P` cikin waɗannan fomuloli zai sa sakamakonsa ya yi kamar ya fi tabbas fiye da yadda yake.

Akwai wani ra'ayi da ake ji daga wasu malaman ƙididdiga, cewa kowane aji samfur ne, domin ɗaliban bana wakilan ɗaliban da malamin zai koyar ne a shekaru masu zuwa, kuma gwajin yau ɗaya ne daga gwaje-gwajen da za a iya yi musu. Ra'ayin yana da ƙarfi idan tambayar ta shafi hanyar koyarwa ko ingancin tambayoyin gwajin, kamar malamin da ke son sanin irin warwatsuwar da zai yi tsammani in ya maimaita gwajin baɗi. Amma katin sakamakon da uba zai karɓa ba ya magana a kan ɗaliban baɗi, yana faɗin matsayin ɗansa ne cikin waɗanda ya zauna da su. A nan ra'ayin bai shafi aikin ba.

Wata ƙa'ida da ke yawo a bakin ɗalibai ita ce a raba da n − 1 idan adadin bai kai 30 ba, a raba da n idan ya wuce. Wannan ba daidai ba ne. Ajin mutum 12 da aka auna duka ɗaukaci ne, mutum 400 da aka ɗebo daga jiha kuma samfur ne. Abin da ke gaskiya a cikin zancen shi ne bambancin amsoshin biyu yana ƙanƙancewa idan adadi ya yawaita, har ya zama kuskuren zaɓi ba ya fitowa fili.

Girman bambancin, da inda yake taɓa ɗalibi

Amsar `STDEV.S` daidai take da amsar `STDEV.P` an ninka ta da tushen murabba'in n a raba da n − 1. A rukunin mutum 5 ratar ta kusa kashi 12 cikin 100. A mutum 10 ta ɗan haura kashi 5, a mutum 30 ba ta kai kashi 2 ba, a mutum 60 kuma ba ta kai kashi 1 ba. A cikakken ajin makarantar gwamnati mai ɗalibai 60, inda `STDEV.P` ta ba da 12.00, `STDEV.S` za ta ba da 12.10. Ba wanda zai canza shawara saboda wannan. Inda abin ke da nauyi shi ne ƙananan azuzuwa, kamar na zurfafan lissafi ko zanen fasaha a aji uku na babbar sakandare, da ƙananan makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya, inda aji kan tsaya a mutum takwas ko goma sha biyu.

Ma'aunin karkata yana isa ga ɗalibi ta hanyoyi biyu. Ta farko daidaita maki ce, wadda ake koyarwa a darasin awo da tantancewa na kwalejojin ilimi domin a iya kwatanta darussa masu wahala dabam. Ana cire matsakaici daga makin ɗalibi a raba da ma'aunin karkata, a samu makin z, sannan a ninka da 10 a ƙara 50 a samu makin T. Mai maki 18 a misalinmu makinsa na T zai zama 67.0 da `STDEV.P`, ko 66.2 da `STDEV.S`. Mai maki 8 zai samu 33.0 ko 33.8. Fomular samfur tana ɗan matso da kowa zuwa tsakiya, amma a cikin darasi ɗaya ba ta canza matsayi, na ɗaya yana nan na ɗaya. Haɗarin yana zuwa ne idan malamin lissafi ya yi amfani da ɗaya, malamin Hausa ya yi amfani da ɗayar, sannan malamin aji ya tara makin T na darussan ya fitar da matsayi. A nan ɗalibai biyu da ke kusa da juna za su iya musanya wuri ba don abin da suka rubuta ba.

```
=50+10*(C2-AVERAGE($C$2:$C$11))/STDEV.P($C$2:$C$11)
```

Alamar `$` a wannan fomula wajibi ce. In babu ita, duk lokacin da aka ja fomular zuwa ƙasa guraben da ake auna matsakaici da karkata za su zame da layi ɗaya, kowane ɗalibi ya samu nasa ma'aunin dabam. Ana gane wannan kuskure idan aka fitar da matsakaicin makin T na ajin aka ga bai tsaya a 50 cif ba.

Hanya ta biyu ita ce yanke iyaka. A ɗauka makaranta ta tsara cewa duk wanda makinsa ya gaza matsakaici da fiye da ma'aunin karkata ɗaya za a sa shi darasin ƙarin lokaci. Da `STDEV.P` iyakar tana kan 10.07, don haka mai maki 10 ya faɗa ciki tare da mai maki 8. Da `STDEV.S` iyakar ta sauko 9.91, mai maki 10 ya tsira. Tun da hukuncin ya shafi waɗannan ɗalibai ne su kaɗai, 10.07 ce iyakar da ta bi ƙa'ida. Duk da haka bai kamata a yanke wa yaro hukunci a kan ratar 0.07 a gwaji mai maki 20 ba tare da an buɗe takardarsa an ga inda ya kasa ba, domin tambaya ɗaya da mai makin ya yi wa sassauci ko tsanani ta fi wannan rata girma nesa.

Sunaye a manhajoji da kalkuleta

Sunaye masu ɗigo sun shigo ne da Excel 2010. Kafin nan akwai `STDEV` da `STDEVP`, kuma har yanzu suna aiki. Yawancin ruɗani daga nan yake tasowa, domin `STDEV` marar ƙari, wadda mutum zai zaci ita ce ta kowa da kowa, fomular samfur ce. Malamin da ya fitar da amsa da hannu bisa hanyar litattafan sakandare da tambayoyin WAEC, waɗanda ke rabawa da n, sannan ya gwada da `STDEV` a kwamfuta, zai ga 2.93 a takarda da 3.09 a allo, ya ɗauka ya yi kuskure alhali bai yi ba.

A kalkuletar Casio fx-991ES PLUS ana shiga da `MODE` `3` `1`, a zuba maki, a danna `AC`, sannan `SHIFT` `1` `4`. Za a ga `σx` da `sx`, ta farko ta ɗaukaci ce, ta biyu ta samfur. Tsofaffin samfura irin fx-82MS suna rubuta su `xσn` da `xσn-1`, wanda ya fi bayyana abin da ake rabawa da shi. SPSS, wadda ɗaliban bincike suka fi amfani da ita, tana rabawa da n − 1 a teburin bayanin lambobi ba tare da ta tambaya ba, haka ma `sd()` a R. A Python kuwa `numpy.std()` da n take rabawa sai an ƙara `ddof=1`, alhali `std()` ta pandas da n − 1 take farawa.

Abin da n − 1 ba ya gyarawa

Gyaran Bessel yana daidaita bariyans ne, ba ma'aunin karkata kansa ba. A gwajin ƙuri'u uku, matsakaicin bariyans ya faɗa kan 6 daidai, amma in aka ɗauki tushen kowane samfur sannan aka fitar da matsakaicinsu za a samu 1.89, alhali na gaskiya 2.45 ne. Wannan gazawa tana raguwa da sauri idan samfur ya girma, kuma a mutum 30 ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.

Iyakar da ta fi wannan muhimmanci ita ce hujjar n − 1 ta ginu ne a kan samfurin da aka zaro da ƙuri'a, inda kowa ke da damar fitowa. Aji guda da shugaban makaranta ya miƙa wa mai bincike ba haka yake ba. Idan makarantar tana tara masu ƙoƙari a rukunin A, ko an ware 'yan kimiyya daga 'yan adabi, ɗaliban ajin sun fi kama da juna fiye da yadda ɗaliban ƙaramar hukuma suke, kuma warwatsuwarsu za ta gaza ta ɗaukaci da ratar da ƙarin kashi ɗaya ko biyar cikin 100 ba zai rufe ba. Rubuta `STDEV.S` ba ya mayar da aji wakilin Ungogo.

Haka batun waɗanda ba su zauna gwaji ba. Zangon farko na shekarar karatu yana haɗuwa da kaka, lokacin girbin gero da wake da dawa, kuma a makarantun da ke jan ɗalibai daga ƙauyukan kewaye wasu kan yi fashi. Idan ɗalibai 50 ke cikin rajista, 42 suka zauna, akwai mai cewa 42 ɗin samfur ne na 50, don haka a yi amfani da `STDEV.S`. Amma ba ƙuri'a ce ta zaɓi waɗanda suka yi fashi ba, aikin gona ne ko nisa ko rashin lafiya, kuma sau da yawa su ne waɗanda darussa suka fi wucewa. Abin da ya fi gaskiya shi ne a ɗauki 42 ɗin a matsayin ɗaukacin waɗanda suka zauna, a yi amfani da `STDEV.P`, a rubuta adadin a fili.

Kurakuran da suka fi zaɓin fomula ɓarna

Yadda aka rubuta ɗalibin da bai zo ba yana canza amsa fiye da komai. A ƙara ɗalibi na 11 a misalinmu, wanda bai zauna gwajin ba, aka sa masa 0. Matsakaici zai sauko daga 13 zuwa 11.82, `STDEV.P` kuma ta tashi daga 2.93 zuwa 4.67. Ratar da ke tsakanin fomulolin biyu 0.16 ce, sifiri ɗaya kuwa ya ƙara 1.74. Idan aka bar gurbin fayau, ko aka rubuta `ABS`, fomulolin biyu suna tsallake shi. Sai dai akwai 'yan uwansu `STDEVA` da `STDEVPA` da ke ɗaukar duk rubutu a matsayin sifiri, kuma suna fitowa a jerin da Excel ke nunawa da zarar an fara rubuta sunan, don haka hannu kan iya zamewa kansu. Sifiri na wanda ya zauna ne bai ci komai ba.

Kuskure na biyu ba ya nuna kansa. Makin da aka kwafo daga wata manhaja ko aka shigar ta waya wani lokaci yakan zauna a matsayin rubutu, yana kama da lamba a ido, amma fomula tana tsallake shi ba tare da gargaɗi ba. Alamarsa ita ce ya jingina hagu a gurbinsa maimakon dama. Hanyar tabbatarwa ita ce a rubuta `=COUNT(C2:C11)` a kwatanta amsar da adadin takardun da aka yi wa maki. Wannan duba ɗaya yana kuma kama wanda ya ja zaɓinsa har ya haɗa da gurbin jimla ko na matsakaici da ke ƙasan layin. Haka idan aka tace jadawali domin a ga 'yan mata kaɗai ko rukuni ɗaya, `STDEV.P` tana ci gaba da ƙirga layukan da aka ɓoye. Wanda yake son na bayyane kawai sai ya rubuta `=SUBTOTAL(108,C2:C11)` domin ɗaukaci, ko ya sa `107` domin samfur.

Ba a kuma samun ma'aunin karkatar rukunai biyu ta fitar da matsakaicin ma'aunansu. A ɗauka rukunin A da rukunin B adadinsu ɗaya, kowane ma'aunin karkatarsa 3, amma matsakaicin A 13 ne, na B kuma 7. Idan aka haɗa su matsakaici zai zama 10, kuma kowane rukuni ya yi nisan 3 daga gare shi. Bariyans na haɗin shi ne 9 na cikin rukuni da wani 9 na tsakanin rukunai, wato 18, tushensa 4.24. Jami'in jarrabawar da ya rubuta 3 ya ɓoye ainihin abin da shugaban makaranta ke buƙatar gani, wato ratar da ke tsakanin azuzuwan biyu. Hanyar da ta dace ita ce a jera makin rukunan duka a layi ɗaya a sake lissafi daga tushe, a rubuta adadin ɗaliban da suka zauna da sunan fomular da aka yi amfani da ita kusa da amsar, domin wanda ya karɓi takardar a ofishin shiyya ya iya mayar da ita zuwa ɗaya fomular in aikinsa ya buƙaci haka.